Sunan da ke Fasfo Shi Kaɗai Jirgi Ya Sani

Bahaushe ɗaya yana iya amsa suna huɗu ba tare da ya yi wa kowa ƙarya ba. A gida Mamman ne, a makarantar allo Muhammadu, a takardar firamare wani malami ya rubuta masa Mohammed, a banki kuma Muhammad. Idan ɗan Maraɗi ne ko Damagaram, mai yiwuwa takardunsa na ɗauke da Mahamadou ko Mamane, rubutun da ya bi bakin Faransanci. Haka Usman da Ousmane, A'isha da Aïchatou, Yusuf da Issoufou. Mu a wurinmu duk suna ɗaya ne, kuma ba wanda zai tsaya gardama a kai. Ma'aikaciyar da ke kantar auna kaya a filin jirgi ba ta da wannan sassauci. Fasfo ne a hannunta, suna ne a allon na'urarta, aikinta ta ga haruffan nan sun dace da na can. Idan ba su dace ba tana da ikon hana ka takardar shiga jirgi, ko da kuwa hotonka ne ɓaro-ɓaro a fasfon.

Dalilin tsananin nan biyu ne. Na farko, kusan duk manyan kamfanonin jirage ba sa yarda a mayar da tikitin wani ya zama na wani. Da sun bari, da 'yan kasuwa sun saye kujeru masu araha tun watanni kafin azumi, su zo su sayar wa masu Umara a kan ninkin kuɗin. Saboda haka da zarar an yanki tikiti, sai a kulle sunan da ke kansa. Na biyu, ƙasashe da yawa suna buƙatar kamfanin jirgi ya aika musu da bayanan fasinjoji kafin jirgi ya isa: suna, ranar haihuwa, lambar fasfo, ƙasa. Da waɗannan ake duba biza, ake kuma duba jerin mutanen da aka hana shiga. Kamfanin da ya kai mutum babu ingantattun takardu yakan sha tara, kuma shi zai mayar da shi inda ya ɗauko shi. To ma'aikaciyar kanta ba mugunta take yi ba. Ta san idan aka dawo da fasinja, ita za a fara tambaya.

Inda ainihin sunan yake

Buɗe fasfonka a shafin da hoto yake. A na Najeriya za ka ga gurbi biyu: Surname, wato sunan da aka ɗauka a matsayin na iyali, da Given names, wato naka na yanka da duk wanda ya biyo shi. A na Nijar su ne Nom da Prénoms. Nan ne mutanenmu suka fi tuntuɓe, domin asali ba mu da sunan iyali irin na Turawa. Wani sunan mahaifinsa aka sa masa a gurbin farko, wani na kakansa, wani sunan garinsu, kamar yadda aka san Malam Aminu Kano da Shehu Shagari da sunan garuruwansu. Mutum mai suna Musa Ibrahim Gaya ba zai iya sanin wanne ne sunan iyalinsa ta hanyar tunani ba. Sai ya duba abin da jami'an shige da fice suka rubuta. Idan sun sa Ibrahim a gurbin farko, to Ibrahim ne, ko da duk duniya da Gaya ta san shi.

A ƙasan wannan shafi akwai layi biyu na haruffa da lambobi da 'yan alamomi masu kama da bakin kibiya. Mutane da yawa ba su taɓa karanta su ba, alhali su ne na'urar filin jirgi take karantawa idan aka goga fasfo. Kowane layi gurbi 44 ne, bisa ƙa'idar hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO. Layin farko shi ke ɗauke da suna. Mu ƙaddara wata baiwar Allah ce, an rubuta mata Suleiman a sunan iyali, Hauwa'u Adamu a nata sunan. Layinta zai fito kamar haka:

```
P<NGASULEIMAN<<HAUWAU<ADAMU<<<<<<<<<<<<<<<<<
```

Bayan haruffa uku na ƙasa sai sunan iyali, sai alama biyu a jere da ke nuna ya ƙare, sai sauran sunaye, kowanne da alama ɗaya a tsakaninsa da na gaba. Lura da cewa 'yar alamar da ke tsakiyar Hauwa'u ta ɓace. Ƙa'idar ta ce a jefar da ita a haɗe haruffan, shi ya sa Sa'adu yake zama SAADU, Rabi'u ya zama RABIU. Haruffanmu masu lanƙwasa ma ba su da gurbi a nan, Ɗanladi DANLADI ne. Na'urorin yankar tikiti su ma haruffan Turanci 26 kawai suke karɓa a suna. Don haka wanda ya kwafi sunansa daga wannan layi, harafi bayan harafi, da wuya ya yi kuskure.

Abin da ba kuskure ba ne

Kafin a tayar da hankali, akwai abubuwan da kan tsorata matafiyi alhali ba komai ba ne. Tikiti yakan fara da sunan iyali, sai a ja tsaye, sai sauran. Sau da yawa na'ura takan manne sunaye wuri ɗaya, har ta liƙa musu laƙabin namiji ko mace a ƙarshe. Tikitin wannan baiwar Allah yana iya fitowa haka, kuma daidai ne:

```
SULEIMAN/HAUWAUADAMU MRS
```

Suna mai tsawo ƙwarai kuma, irin Abdurrahman Muhammad Sani, takardar shiga jirgi tana iya yanke wutsiyarsa saboda ƙarancin wuri. Shi ma ba abin damuwa ba ne muddin cikakken sunan yana cikin rajistar kamfanin.

Rashin suna na uku shi ne mai ɗan rikitarwa. Kamfanoni da dama ba sa damuwa idan sunan farko da na iyali sun yi daidai. Wasu kuwa suna son duk abin da ke fasfo ya fito, kuma tafiya Amurka tana buƙatar a ba hukumomin tsaronsu cikakken suna kamar yadda yake a takardar shaida, tare da ranar haihuwa da jinsi. Ni dai shawarata a sa shi tun farko. Ba ya ƙara kuɗi, kuma yana rufe ƙofar gardama da ma'aikacin da ka tarar ba ya cikin walwala.

Abin da ke kuskure na gaske shi ne harafin da ya canza, ko ya ɓace, ko aka ƙara. Sunan da aka juya, na yanka ya koma gurbin na iyali. Sunan gida maimakon na takarda, kamar Kulu a madadin Hauwa'u. Da kuma laƙabi da aka cusa cikin suna. Alhaji, Hajiya, Malam, Injiniya, duk girmamawa ce da ba ta da wuri a tikiti, sai fa idan da gaske an buga ta a fasfo a matsayin suna. Matan aure su ma suna faɗawa wannan rami. Maigida ya kira ejan ya ce a yankar wa iyalinsa tikiti, ejan ya ɗauka sunan mijin take amfani da shi, alhali fasfonta na ɗauke da sunan mahaifinta.

Harafi biyu, da yadda farashinsu ke hawa

Mu koma ga Hauwa'u. Za ta Umara daga Kano, ɗanta ne ya kira ejan ya faɗa masa sunan ta waya. Ejan ya rubuta yadda ya saba ji, tikiti ya fito kamar haka:

```
SULAIMAN/HAUWA MRS
```

An sa A inda fasfo ya sa E, an kuma bar U na ƙarshen Hauwa'u. Harafi biyu ke nan, ga kuma Adamu da ba a sa ba. Nawa gyaran zai ci ya danganta ne da lokacin da aka gano, fiye da komai.

Idan kujera kawai aka kama, ba a kai ga biyan kuɗi da fitar da tikiti ba, abin ba wahala. Ejan zai soke wannan ya kama wata da sunan daidai. Yadda za ka bambance shi ne ta lambobi. Kama kujera yana ba ka lamba mai gurbi shida, haruffa ko haruffa da lambobi a gauraye, wadda ake kira PNR. Tikitin kansa lamba ce mai gurbi 13. Muddin ba ka ga ta biyun ba, sunan bai kulle ba tukuna. Wannan ne lokacin da ya kamata ɗan nata ya ce wa ejan: "Yallaɓai, turo mini yadda ka rubuta sunan Hajiya in gani kafin ka fitar." Ya ajiye fasfon a gefe, ya bi haruffan da yatsa.

Idan tikiti ya riga ya fita amma a ranar aka gano, har yanzu akwai ƙofa mai sauƙi. Ejan da ke da rajista da ƙungiyar kamfanonin jirage ta duniya, IATA, yana iya kashe tikitin da ya fitar a ranar da ya fitar da shi, kafin sha biyun dare, kamar ba a taɓa yankarsa ba, sannan ya fitar da sabo. Yana iya cajin ɗan ladan aikinsa, amma babu tarar soke tikiti. Shi ya sa wanda ya karɓi tikitinsa da la'asar ya ce sai gobe zai duba, ya yi wa kansa asara ba tare da ya sani ba. Tun ran gini ran zane. Masu saye kai tsaye a shafin kamfani su ma sukan sami irin wannan sarari: wasu kamfanoni suna ba da awa 24 na sokewa ko gyara kyauta, kuma dokar Amurka ta tilasta wa jiragen da ke shiga ko fita ƙasarta su ba da wannan dama idan an sayi tikitin aƙalla kwana 7 kafin tafiya.

Idan kwanaki sun wuce, sai a shiga neman gyara na sosai. A nan akwai bambancin da ya kamata matafiyi ya riƙe a bakinsa sa'ad da yake magana da kamfani: gyaran suna daban, canjin suna daban. Gyara shi ne mutumin bai sauya ba, rubutun ne kawai za a daidaita da fasfo. Canji shi ne a cire wani a sa wani, kuma wannan ne yawancin kamfanoni ke ƙi, ban da wasu masu rahusa da ke yarda a kan kuɗi mai tsoka. Wanda ya kira ya ce yana so a canja suna, sau da yawa amsar farko da zai ji ita ce ba a yi. Abin da zai ce shi ne mai tafiyar ita ce dai, an yi kuskuren harafi biyu, ga fasfo.

Kamfanoni da yawa suna ɗaukar kuskuren da bai wuce harafi uku ba a matsayin ƙarami, wasu su gyara kyauta, wasu su caji kuɗin sake fitar da tikiti. Kowane kamfani da nasa tsarin, kuma yana rubuce a shafinsa. Harafi biyun Hauwa'u sun shiga wannan sahu. Ƙara suna na uku da kuma daidaita sunan da aka juya su ma galibi ana karɓarsu a matsayin gyara idan an nuna fasfo. Da Kulu aka rubuta mata, da abin ya fi haka wuya, domin ma'aikacin da ke Addis Ababa ko Doha ba shi da hanyar sanin cewa kowace Hauwa'u Kulu ce. A idonsa mutum biyu ne. Irin wannan yakan ƙare ne da soke tikiti a karɓi abin da ya saura, a sayi wani.

Wa za a nema

Ƙa'idar ita ce ka koma inda ka biya kuɗi. Wanda ya saya a shafin kamfani ko ofishinsa, kamfanin zai nema. Ya fara duba sashen Manage booking a shafin, domin wasu suna barin ƙaramin gyara a nan, in ba haka ba ya kira ko ya je ofis. Wanda ya saya ta hannun ejan ko ta shafin dillalan tikiti na intanet, sai ya koma gare su, domin rajistar a hannunsu take, kuma kamfanin jirgi yakan mayar da mutum can. Wannan yana ɓata wa mutane rai, suna ganin ana yi musu wasa da hankali, amma haka tsarin yake.

Saƙon da za a tura ya zama gajere kuma cikakke: lambar PNR, lambar tikiti, sunan yadda ya fito, sunan yadda ya kamata ya fito, da hoton shafin fasfo wanda layi biyun ƙasa suka fito tar. A yi shi a rubuce, ta imel ko ta saƙon waya, ko da an riga an yi magana baki da baki. Idan rigima ta taso daga baya a kan wanda ya yi kuskuren, rubutu ne ke raba gardama. Ejan da aka tura wa hoton fasfo tun farko ya kwafa ba daidai ba, shi ya kamata ya ɗauki kuɗin gyara. Wanda aka faɗa wa suna ta waya yana da bakin kare kansa.

Abin da ejan zai yi a bayan fage shi ne ya nemi izinin kamfani. Wani lokaci kamfanin ya buɗe masa sunan ya gyara a rajistar da take. Wani lokaci a ce ya kama sabuwar kujera da sunan daidai a jirgi ɗaya, ya musanya tsohon tikitin da sabo, ya saki tsohuwar kujerar. A nan ne kuɗi kan shigo ta bayan gida. Kujerun jirgi, ko a sashe ɗaya suke, an kasa su aji-aji na farashi, masu araha su ke fara ƙarewa. Idan ajin da aka saya wa Hauwa'u ya ƙare, kamar yadda yakan faru a goman ƙarshe na azumi, sai dai kamfani ya yi alfarmar buɗe mata gurbi a tsohon farashi, ko a nemi cikon kuɗi. Ya kamata a tambayi ejan kai tsaye: kuɗin nan da ka ce, nawa ne na gyara, nawa ne cikon farashi, nawa ne ladanka?

Abin ya fi cakuɗewa idan tafiyar ta haɗa kamfani biyu a tikiti ɗaya. Kowannensu yana riƙe da nasa kwafin rajistar, kuma gyaran da aka yi a ɗaya ba lallai ya isa ɗayan ba, wani lokaci ma taɓa sunan yakan sa kujerar ɗaya kamfanin ta faɗi. Mai ikon yanke hukunci shi ne kamfanin da tikitin ya fito da sunansa, kuma lambobi uku na farkon tikiti su ke nuna shi: 071 na Ethiopian ne, 077 na EgyptAir, 065 na Saudia, 157 na Qatar Airways, 176 na Emirates, 235 na Turkish Airlines. Irin wannan gyara yana cin kwanaki, ba a barinsa sai jajibirin tafiya.

Abu biyu kuma a kiyaye kafin a gama gyara. Kada a yi rajistar shiga jirgi ta intanet da sunan da ke da kuskure, domin sai an warware ta kafin a iya taɓa tikitin. Kada kuma a ce bari a je a haka, a gyara a dawowa. Da zarar an yi amfani da zangon farko, kamfanoni da yawa ba sa ƙara taɓa sunan, kuma sa'ar da aka yi a Kano ba ta da tabbas a Jidda.

Bayan an ce an gyara

Kalmar "an gyara, Hajiya" ba ta isa ba. A karɓi sabuwar takardar tikiti, a sake bin sunan da yatsa. Idan musanya aka yi, lambar mai gurbi 13 za ta canza, wani lokaci har da PNR. Sannan a shiga shafin kamfanin da kai, a sa lambar da sunan iyali yadda aka gyara shi. Idan rajistar ta buɗe da SULEIMAN, gyara ya shiga. Idan sai da SULAIMAN take buɗewa, takarda kawai aka sake bugawa. A duba cewa duk zangunan suna nan, zuwa da dawowa, da ranakunsu. Kujerar da aka zaɓa, kuɗin ƙarin kaya, keken guragu da aka nema wa tsohuwa, duk suna rataye ne da tsohuwar rajista, kuma sukan zube a hanya idan ba a tuna wa ejan ba.

Wanda bai gano ba sai ranar tafiya, ya isa filin jirgi da wuri sosai, ya nufi ofishin tikiti na kamfanin kafin ya shiga layin auna kaya. Harafi ɗaya, shugaban ma'aikatan kanta yana iya gyarawa ko ya sa bayani a rajista ya bari a wuce. Alfarma ce, ba haƙƙi ba. Idan aka ƙi, kada a juya a tafi gida kawai. A sa su rubuta a rajistar cewa fasinja ya zo, a kuma nemi a ɗaga tafiyar kafin jirgi ya tashi, domin wanda aka rubuta bai zo ba, na'ura takan soke masa sauran zangunan, har da na dawowa.

Saura wanda kuskuren a fasfonsa yake. Sunansa Abdullahi, an buga masa Abdulahi da L ɗaya, ga tafiya ta matso. Tikiti fasfo yake bi, har da kuskurensa, don haka Abdulahi za a rubuta, haka ma a takardar neman biza. Gyaran fasfo aiki ne na ofishin shige da fice, kuma a Najeriya sai bayanan sun dace da na lambar NIN, abin da kan sa a fara da gyara can. Wanda ya sabunta fasfo bayan ya yanki tikiti ya sake duba rubutun sunan a sabon. Canjin lambar fasfo ba ya taɓa tikiti, ana sabunta ta a shafin kamfani ko a kanta. Amma idan Mohammed na tsohon fasfo ya koma Muhammad a sabo, harafi biyu sun sauya, sai a nemi gyara ta hanyar da aka bi wa Hauwa'u, a tura hoton fasfo biyun tare.